Takalmin gudu: me rubutun da ke jikin kwalin yake nufi, kuma wanne zan saya?

Nura Gwammaja: Salamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sani kafin in kashe kuɗina. Ina gudun safe sau uku a mako, ba na wuce kilomita biyar zuwa shida, galibi a kan kwalta. Nauyina kilo 88. Kambas ɗin da nake sawa ya mutu, kuma kwanan nan ƙwaurina ta ciki, daga saman idon sawu, yana yi mini ciwo bayan gudu. Na ga takalma biyu a shago. Ɗaya an rubuta “high energy return” da “responsive foam” a kwalinsa, ba shi da nauyi ko kaɗan, ƙasansa tudu guda. Ɗayan an rubuta “stability”, ya fi nauyi, ya fi faɗi, kuma ya fi araha. Mai shagon ya ce na farkon zai riƙa tura ni gaba. Shin waɗannan kalmomi suna da wani ma'auni ne, ko kuwa zaƙin bakin 'yan kasuwa ne kawai?

Yakubu Tsere: Wa alaikumus salam. Ɗauki na farkon ka rufe ido. Irin soson nan ne Kipchoge, zakaran gudu ɗan Kenya, ya taka a Vienna a 2019 ya gama gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. An yi bincike an tabbatar yana ƙara wa mutum gudu da kashi 4 cikin ɗari, shi ya sa ma Nike suka sa wa takalminsu suna Vaporfly 4%. Ƙarfi yake ba ka a kowane taku.

Injiniya Bashir: Malam Yakubu, binciken da kake faɗa gaskiya ne an yi shi, amma abin da ya nuna ba daidai yake da yadda ka kawo shi ba. Bari in fara da kalmar farko, don ita ce kaɗai a cikin ukun da ake ɗora takalmi a kan inji a fitar mata da lamba.

Soso ba ya ba ka ƙarfi. Idan ka taka, nauyinka yana matse shi, ya karɓi wani ɓangare na ƙarfin takun. Idan ka ɗaga ƙafa sai ya buɗe ya mayar maka da wani abu daga ciki, sauran ya zama zafi ya lalace. Kamar bashi ne da kullum ake biyanka da giɓi: ka ba da naira ɗari, a dawo maka da sittin da biyar, ko saba'in da biyar, ko tamanin da bakwai. Ba a taɓa dawo maka da ɗari cif ba, balle a ɗora riba. Wannan kason da ya dawo shi ne “energy return”.

Lambobin da na kawo ba ƙirƙira na yi ba. A binciken da Wouter Hoogkamer da Rodger Kram da abokan aikinsu suka yi a Jami'ar Colorado da ke Boulder, wanda ya fito a ƙarshen 2017, sun matse takalma uku a inji. Nike Zoom Streak 6 mai soson EVA ya mayar da kashi 65.5. Adidas Adios Boost 2 ya mayar da 75.9. Samfurin da ya zama Vaporfly ya mayar da 87. Bambancin daga sinadarin soson yake. EVA shi ne tsohon hannu tun shekarun 1970. Boost, wanda Adidas suka fitar a 2013 tare da kamfanin BASF na Jamus, ƙwayoyin robar TPU ne da aka kumbura aka manne. Na Vaporfly kuwa, wanda suke kira ZoomX, daga robar Pebax ta kamfanin Arkema na Faransa aka yi shi.

Yakubu Tsere: To ai ka gaskata ni ke nan, Injiniya. 87 ta fi 65 nesa ba kusa ba.

Injiniya Bashir: Ta fi, amma duba inda ribar take. Kaso ba ya gaya maka yawan abin da aka ajiye tun farko. A wannan gwajin dai, soson Adidas ya lotsa kamar milimita 6, na Vaporfly ya lotsa kusan milimita 12. Ana auna ƙarfin da jul. Adidas ya karɓi kusan jul 4.7, ya mayar da 3.56. Vaporfly ya karɓi kusan jul 8.6, ya mayar da 7.46. Yanzu a ce Adidas ɗin nan an ɗaga kasonsa zuwa 87 amma bai ƙara lotsawa ba. Kashi 87 na 4.7 bai wuce jul 4.1 ba. Ƙarin rabin jul kawai ke nan. Sauran jul uku da ɗoriya da Vaporfly ya fi shi da su, daga kaurin soson da taushinsa suka fito, ga shi kuma ba nauyi. Don haka takalmi siriri mai tauri zai iya rubuta babban kaso a kwali da gaskiyarsa, amma abin da zai dawo wa ƙafarka bai taka kara ya karya ba.

Sannan a gwada da abin da Allah ya riga ya sa mana a jiki. Wani bincike na 1987 ya ƙiyasta cewa agarar mutum mai kilo 70 tana ajiye kusan jul 35 a kowane taku idan yana gudu sosai, lanƙwasar tafin ƙafa kuma kusan 17. Soso mafi tsada yana ƙara wani abu a kan wannan, amma ba shi ne babban mai aikin ba.

Batun kashi 4 kuwa, ba gudu aka auna ba, ƙarfin da jiki ke ƙonawa aka auna ta hanyar numfashi. Mutum 18 ne, duk ƙwararru, suna gudun kilomita 14 da 16 da 18 a awa. Kuma Nike ce ta biya kuɗin binciken, ko da yake wasu da ba ruwansu da kamfanin sun maimaita sun samu abin da ya yi kusa da hakan.

Nura Gwammaja: Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni kilomita ɗaya tana ɗaukata minti shida da rabi, wani lokaci bakwai. Lissafin ya shafe ni?

Injiniya Bashir: Wato kana tsakanin kilomita 8 da rabi zuwa 9 da ɗan wani abu a awa. An gwada irin takalmin a kan masu gudun kilomita 10 da 12 a awa, sauƙin da aka samu ya sauko kusan kashi 1 zuwa 1 da rabi, wasu ma ba su samu komai ba. Ko da a ce ka samu kashi 1 cif ya koma gudu, a tafiyar minti 35 daƙiƙa ashirin ne da 'yan kai. Ga mai neman kofi wannan abu ne babba. Kai da ke neman lafiya kuma ƙwaurinka na ciwo, ba nan ya kamata kuɗinka su tafi ba. Wani abu kuma, rubuta “energy return” a kwali ba ya nufin soson Pebax ne a ciki. Kusan kowane soso yana mayar da wani abu, don haka kowa na iya rubuta kalmar bai yi ƙarya ba. Nemi sunan soson da kansa.

Koci Danladi Jos: Ni dai ban iya lissafin jul ba, amma yaran da nake horarwa suna zuwa gasar gudun Okpekpe a jihar Edo da gudun fanfalakin Legas, kuma na ga bambancin da takalmin tsere irin Vaporfly ke kawowa da idona. Abin da suka fi yabawa ba lokacin ba ne, washegari ne. Suna cewa ƙafa ba ta mutuwa kamar da. Wannan injinku bai auna shi ba. Sai dai ina hana su atisayen yau da kullum da shi. Dogo ne, tun da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin ƙasan takalmi a milimita 40 a 2020 kowa ya manne wa iyakar, kuma ga taushi, ga dunduniya siririya. A kan hanyar da ke da duwatsu ko a kwana, sai ka ga idon sawu yana rawa. Ga saurin mutuwa.

Ummi A.: Don Allah ni ma ku taimaka mini. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina tsaye kusan duk yini, wani lokaci har jiri nake ji. Wannan mai “stability” ɗin shi ne wanda ba ya santsi a kan tayil kuma yana hana mutum tangaɗi?

Anti Rakiya: A'a ƙanwata, ba shi ba ne. Santsi maganar robar da ke taɓa ƙasa ce da zanenta, wannan ki nemi wanda aka yi don aikin asibiti. Jirin kuma ki sa a duba jininki, ba aikin takalmi ba ne.

Malam Nura, aikina gashin ƙashi ne, masu irin ciwonka suna zuwa mini da yawa, bari in ɗauki wannan kalmar. Idan mutum ya taka, ƙafa tana sauka ta gefen waje, sannan ta mirgina ciki, lanƙwasar tafin ƙafa ta ɗan kwanta. Haka aka halicce ta, ta haka take shanye dukan ƙasa. Wasu tasu tana mirginawa ciki da yawa. Takalmin da aka rubuta wa “stability” an gina shi ne don ya rage wannan mirginawar, ko a ce ya rage mata sauri. Ba lamba ba ce, gini ne, kuma ginin iri-iri ne. Tsohuwar hanya ita ce a dasa soso mai tauri a gefen ciki, daga dunduniya zuwa tsakiyar ƙafa, sau da yawa launin toka ne don a gane shi. Tsofaffin ASICS Gel-Kayano haka suke, suna kiransa DuoMax. Brooks suka koma ɗaga gefunan soson ya rungume dunduniya, suna kiransa GuideRails. Hoka suka fito da J-Frame. Sababbin da yawa sun fi dogara ga faɗaɗa ƙasan takalmin ya zauna daram. Duk waɗannan kalma ɗaya ce a kwali, amma a ƙafa ba ɗaya suke ba.

Daɗin abin shi ne kana iya dubawa da hannunka a shagon. Danna soson da babban yatsa ta gefen ciki sannan ta gefen waje, ka ji ko na ciki ya fi tauri. Matse bayan dunduniyar, kada ya lanƙwashe da sauƙi. Riƙe gaba da baya ka murɗa shi kamar za ka matse ruwa, wanda aka gina da gaske zai yi maka gardama. Juya shi ka dubi tsakiyarsa, idan ya tsuke sosai a ƙarƙashin lanƙwasar ƙafa, to rubutun kwalin ya fi ginin ƙarfi.

Yakubu Tsere: Wannan mai sauƙi ne ai. Ya jiƙa ƙafa ya taka takarda. Idan sawun ya fito gaba ɗaya shimfiɗaɗɗe, “stability” ne nasa. Idan tsakiya ya ɓace, ya ɗauki mai taushi. Haka ake yi ko'ina.

Anti Rakiya: An daɗe ana yin haka, Malam Yakubu, har sojojin Amurka suka gwada shi a kan dubban sababbin kurata. Aka raba wa wasu takalmi bisa siffar sawunsu, wasu aka ba su iri ɗaya ba tare da duba sawu ba. Raunin da aka samu a ɓangarorin biyu bai bambanta ba. A Denmark kuma an bi sababbin masu gudu 927 shekara guda, duk aka ba su takalmi na gama-gari, kuma waɗanda ƙafarsu ke mirginawa ciki ba su fi sauran jin rauni ba. Amma kada a ce ginin ba shi da amfani sam. A Luxembourg an yi gwaji da mutum 372 na wata shida, aka ba su takalma masu kama ɗaya a ido, wasu da ginin wasu babu, kuma masu ginin sun fi ƙarancin rauni, musamman waɗanda ƙafarsu ke mirginawa ciki. Abin da na ɗauka daga nan shi ne yana taimakon wasu, amma sawu a kan takarda ba ya nuna maka su wane ne. Sawu ƙafa ce a tsaye, ciwo kuma a cikin gudu yake zuwa.

Koci Danladi Jos: A nan ni da Anti ba mu cika haɗuwa ba. Mafi yawan yaran da na gani da ciwon ƙwauri, ba takalmi ne ya jawo ba, gaggawa ce. Yaro zai tashi daga babu ya hau kwalta kullum don ana ɗibar soja. Ka rage masa gudu mako biyu, ka mayar da shi filin ƙasa, ya riƙa ɗaga dunduniya a bakin matakala, sai ka ga ya warke da tsohon kambas ɗinsa. Malam Nura, ka ƙara nisa ko sauri a 'yan kwanakin nan?

Nura Gwammaja: Na ƙara, Koci. Da a filin makaranta nake yi, da damina ta sauka ya cika da ruwa sai na koma titi, kuma na ƙara nisa.

Anti Rakiya: To Koci yana da gaskiya a wannan, ka canza abu biyu lokaci guda, ga takalmi ya mutu. Ban ce takalmi magani ba ne. Amma mutum mai kilo 88 da ciwo ta gefen ciki, ba zan ɗora shi a kan tudun soso mai taushi da siririyar dunduniya ba. Abu ɗaya kuma mai muhimmanci: bi ƙashin da yatsa. Idan ciwon ya bazu tsawon kamar tafin hannu, yana lafawa idan ka huta, wannan shi ne wanda aka saba gani. Idan wuri ɗaya ne tak da za ka iya rufewa da kan yatsa, yana ciwo ko kana tafiya ko da dare, daina gudu ka je a duba, tsagewar ƙashi tana farawa haka.

Alhaji Sabo mai gwanjo: Ku gafarce ni in tsoma baki. Mu da muke kwance dila, takalminmu ba ya zuwa da kwali, kuma mafi yawan masu gudu a garin nan daga wurinmu suke saye. Duk bayanin da Injiniya ya yi na sabon soso ne. Wanda Bature ya taka ya gaji ya zubar, ba sauran wannan lissafi. Abin da nake nuna wa mai saye shi ne ya dubi gefen soson, idan ya yi tamoji a jere kuma ka danna bai taso da wuri ba, ya gama aiki ko samansa na ƙyalli. Ka ajiye shi a kan tebur ka duba ta baya, idan ya karkata gefe ɗaya ya riga ya ɗauki takun mai shi na farko. A cikin harshen takalmin sau da yawa akwai watan da shekarar da aka yi shi. Kuma a yi hattara da sabo dal mai kwali da araha ta wuce hankali. Kwalin da rubutun ba su da wuyar bugawa, soson ne ba sa iya kwaikwayo.

Injiniya Bashir: Allah ya saka da alheri, Alhaji, wannan ya fi duk abin da na faɗa amfani ga mai saye. Kamfanonin da kansu suna cewa kilomita 500 zuwa 800 ne rayuwar takalmin gudu, kuma EVA yana fara kwanciya tun kafin nan. Akwai batun zafi ma. Gwajin inji a ɗaki mai sanyin daidai ake yi. EVA yana saki idan ya ji zafi, ya ƙanƙame idan ya ji sanyi, don haka yadda yake a kwaltar Kano a watan Afrilu ba haka yake da asubahin hunturu a Jos ba. TPU bai cika damuwa da wannan ba, sai dai ya fi nauyi, kuma kowane giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana cin kusan kashi 1 na ƙarfin mai gudu.

Nura Gwammaja: Saura “responsive”. Ba wanda ya taɓa ta.

Injiniya Bashir: Don ba ta da ma'auni. Babu injin da ke fitar da lambarta, babu hukumar da ta ce ga iyakarta. Shekarun baya idan aka rubuta ta ana nufin takalmi siriri mai tauri, wanda kake jin ƙasa kuma ƙafa ba ta daɗewa a ciki. Yanzu kuma ana rubuta ta a kan mai kauri mai tsalle. Abu biyu ne kishiyoyin juna da suna ɗaya. Idan ka ga an haɗa ta da “plush” ko “soft” a kwali guda, ana so ne a kama mai son taushi da mai son tauri gaba ɗaya. Abin da kake ji a ƙafa kuma ba na soso kaɗai ba ne. Lanƙwasar ƙasan takalmin ta gaba, da faifan kabon idan akwai, su ne ke sa ka ji kamar ana mirgina ka gaba, wato abin da mai shagon ya kira turawa.

Koci Danladi Jos: Ni ban yarda kalmar fanko ce ba. Ka ba ɗan tsere takalma biyu ya zaga fili, zai gaya maka wanne ne ke amsawa wanne ne ke nutsewa, kuma yawanci bakinsu yana zuwa ɗaya.

Injiniya Bashir: Jin na gaskiya ne, Koci, ban musa ba. Amma yaranka kilo 55 ne suna gudun kilomita 18 a awa. Soson da ya amsa musu, Malam Nura zai iya matse shi har ƙasa ya ji kwalta, wanda kuma ya yi wa Malam Nura daidai su ji shi kamar ba ya motsi. Kwalin bai san nauyin mai saye ba.

Anti Rakiya: Shi ya sa Benno Nigg na Jami'ar Calgary, wanda ya shafe shekaru yana nazarin takalmi, ya kawo shawara a 2015 cewa a bar ƙafa ta zaɓi wanda ya fi mata daɗi. Ba kowa ya gamsu ba, amma a aikace haka nake sa mutane su yi. Malam Nura, je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kake gudu da ita. Ka bar faɗin babban yatsa tsakanin dogon yatsanka da bakin takalmin. Sa ɗaya a dama ɗaya a hagu ka ɗan sassarfa a gaban shagon. Tsaya da ƙafa ɗaya ka ɗan durƙusa, ka ga a wanne gwiwa da idon sawu suka fi nutsuwa. Idan mai “stability” ɗin yana tokarar lanƙwasar ƙafarka kana jin tudu, bar shi, ba zai gyaru ba. Ka tambaya ko akwai na uku, na gama-gari mai faɗin ƙasa da matsakaicin tauri.

Yakubu Tsere: Ni dai har yanzu da ni ne, na farkon zan ɗauka. Abin da ya sa mutum ya ji daɗin fita da asuba shi ma riba ne.

Nura Gwammaja: Na bi ƙashin da yatsa kamar yadda Anti ta ce, ciwon a baje yake, ba wuri ɗaya ba. Zan rage nisa in nemi filin ƙasa, ranar Asabar in koma shagon in gwada su a ƙafa. Alhaji Sabo, idan ba su yi ba, ana samun masu faɗin ƙasa lamba 44 a wurinku?

Alhaji Sabo mai gwanjo: Ana samu, amma manyan lambobi ba sa kwana. Ka zo da safe ranar da aka kwance sabuwar dila, ka taho da tsohon kambas ɗin mu ga gefen da ya fi cinyewa.